Dalilin da ya sa aski ke kwanciya bayan ya kwana biyu

Daren Sallah shagon aski ba ya rufewa da wuri. Samari kan yi layi har tsakar dare, kowa na son ya je Idi da sabon aski. Amma masu askin da suka daɗe a sana'ar kan ba da wata shawara: mai son saisayensa ya yi kyau ranar Sallah, ya zo tun da sauran kwanaki. Suna cewa aski sai ya kwanta. Abin da suka gani da ido yana da bayani a ƙarƙashin fatar kai.

A kan mutum akwai saiwoyin gashi kusan 100,000, kuma kowace tana bin nata lokacin. Takan yi shekara biyu zuwa shida tana fitar da gashi ba hutu. Likitocin fata na kiran wannan zango anajin. Daga nan sai ta tsuke cikin mako biyu ko uku, sannan ta huta kamar wata uku, zangon da ake kira telojin. Bayan hutun tsohon gashin ya faɗi, sabo ya tsiro daga wannan ramin. A kowane lokaci, kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na gashin kai ne ke girma, sauran suna tsaye cik.

Wannan ne ya sa ake zubar da sili 50 zuwa 100 a rana ba tare da wata cuta ba. Matar da ta bar kitso mako huɗu, ranar tsifa ta ga gashi cike da mataji, ba lallai ta tsorata ba: abin da ya saki a kwana 28 ne kitson ya riƙe, kuma lissafi ya nuna zai iya kaiwa sili 1,400 zuwa 2,800.

Tsawon da gashi ke iya kaiwa ya dogara ne da daɗewar zangon girma. Idan yana ƙaruwa da santimita ɗaya a wata, saiwar da ta yi shekara uku tana aiki za ta ba da santimita 36, wadda ta yi shida kuma 72. Gira kuwa zangonta 'yan watanni ne kawai, shi ya sa ba ta taɓa sauka ta rufe ido.

Saurin ma ba ɗaya ba ne. A 2001, mai bincike Geneviève Loussouarn ta wallafa awon da ta yi wa gashin 'yan Afirka, ta samu yana ƙaruwa da kusan milimita takwas a wata, na Turawa kuwa kusan goma sha biyu. Ga shi kuma namu gashin a murɗe yake fitowa, don haka tsawon da ya samu yakan ɓuya cikin nannaɗewa. Yawan aski ba ya ƙara masa sauri ko kaɗan, domin aska tana yanke abin da ya riga ya fito ne, ba ta kaiwa ga saiwa.

To, me ke faruwa bayan aski? Ranar da aka yi shi, almakashi ko inji ya daidaita dubban silin gashi a layi ɗaya, bakin kowane a datse. Layin goshi yakan yi kaifi fiye da kima, fatar da aka buɗe a ƙeya kuma ta yi haske daban. Washegari saiwoyi sun ci gaba da harkarsu. Tara cikin goma suna turo gashi, ɗaya tana hutu, wasu kuma suna fitar da sabon tsiro mai siririn baki wanda almakashi bai taɓa ba. A hankali tsawon ya ɗan sassaɓa, gefuna su yi laushi, askin ya zauna da fuskar mai shi.

Sai dai kwanakin sun danganta da tsawon da aka bari. A ɗauki saurayin da aka yi wa aski da lamba ɗaya ta inji, wadda ke barin kusan milimita uku. Cikin kwana goma gashinsa zai ƙara milimita biyu da rabi, wato ya kusa ninkawa. Nasa kyan yana cikin makon farko ne, a mako na uku siffar ta ɓace. Matar da aka datse wa baki aka bar mata santimita 15 kuwa, mako uku zai ƙara mata rabin santimita kacal. Wannan ya isa ya sassauta layin almakashi, amma bai isa ya sauya fasalin ba, don haka tana iya kai wata biyu kafin ta sake neman mai gyara.