YADDA AKE GANE NA'URAR DA TA FI CIN DATA A GIDAN HAYA

Garin Masaka yana kan hanyar Abuja zuwa Keffi, cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, kuma da yawa daga mazaunansa ma'aikata ne da ke sammako zuwa Babban Birnin Tarayya. A gidajen haya na wannan yanki, da ma sauran biranen ƙasar nan, akan sami 'yan haya su haɗa kuɗi su sayi rauta guda, watau akwatin da ke karɓo intanet ya rarraba wa wayoyi da kwamfutoci, sa'an nan su riƙa karo-karo suna sayen data kowane wata. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na shekarar 2025, wannan karo-karo ya ƙara nauyi. Idan datar wata guda ta ƙare tun wata bai yi nisa ba, sai zargi ya shiga tsakanin maƙwabta. Alhali kuwa rautar tana ajiye bayanin da zai raba gardama, in dai an san inda za a duba.

Shiga shafin rauta

Kowace rauta tana da shafin kula da ita. Wanda aka ɗora wa riƙon rautar sai ya haɗa wayarsa da ita, ya buɗe manhajar shiga intanet, ya rubuta adireshin da ke jikin takardar da aka manna a ƙarƙashin akwatin. Mafi yawa akan tarar da `192.168.0.1` ko `192.168.1.1` ko `192.168.8.1`. Daga nan za a nemi suna da kalmar sirri ta mai kula. Wannan kalma dabam take da wadda 'yan haya ke amfani da ita wajen hawa intanet, kuma bai kamata ta zama a hannun kowa da kowa ba.

A cikin shafin akwai wurare uku da suka shafi wannan aiki, kuma kowanne da tambayar da yake amsawa.

Na farko: jerin na'urori

Ana samunsa da suna kamar `Connected Devices` ko `DHCP Client List`. Shi ne ke faɗin su wa ke kan rautar. Kowace na'ura tana da layi guda mai abu uku: sunanta, da lambar `IP`, da lambar `MAC`. Lambar `IP` aro ce. Rauta ke ba da ita na ɗan lokaci, kuma tana iya ba wata na'ura ita gobe. Lambar `MAC` kuwa haruffa da alƙaluma goma sha biyu ce, kuma ta fi zama daram, saboda haka da ita ake gane na'ura.

Aikin farko shi ne a sami littafin rubutu a yi rajista. Kowane ɗan haya ya buɗe bayanin haɗin intanet a wayarsa, ya karanto lambar `MAC` da wayar ke nunawa, a rubuta ta kusa da lambar ɗakinsa. Kada a manta da talabijin mai hawa intanet, da kwamfuta, da kyamarar tsaro. Duk layin da ya rage babu mai shi, sai a sa masa alama.

A nan akwai abin lura. Wayoyin Andiroid tun daga fitowar ta 10 a 2019, da wayoyin Ayifon tun daga fitowar ta 14 a 2020, sukan ƙirƙiro wa kansu lambar `MAC` ta wucin gadi domin kare sirrin mai su. Ana gane irin wannan lamba idan harafinta na biyu ya zama `2` ko `6` ko `A` ko `E`. Wani lokaci lambar takan canza, sai waya guda ta bayyana sau biyu a jeri. Saboda haka ganin baƙuwar lamba bai isa hujjar cewa ɓarawo ya shigo ba, sai an sake gwada ta da wayoyin gida.

Na biyu: littafin aukuwa

Sunansa `System Log`. A nan rauta ke rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru. Ga kamannin layi guda:

```
Mar 3 19:42:10 DHCPACK 192.168.0.104 6A:1F:33:C0:9B:27 TECNO-SPARK
```

Ma'anarsa ita ce, ran 3 ga Maris, da ƙarfe 7:42 na dare, rauta ta ba wannan waya lambar aro. Layin bai faɗi ko nawa wayar ta ci ba. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi: mutum ya ga sunan wata waya ya cika littafin, sai ya ce ya kama mai laifi. Sau da yawa wayar da ta fi yawan layi ita ce ta ɗakin ƙurya, inda haɗin yake da rauni, tana yankewa tana sake hawa. Amfanin littafin shi ne nuna lokaci: yaushe na'ura ta hau, yaushe rauta ta mutu ta tashi. Kafin a dogara da shi, a gwada agogon rauta da na waya, domin bayan ɗauke wuta wasu rautoci kan rubuta kwanan wata na ƙarya har sai sun sake samun intanet.

Na uku: ma'aunin data

Sunansa `Traffic Statistics` ko `Traffic Monitor`, kuma a wasu rautoci sai an kunna shi kafin ya fara ƙirga. Shi kaɗai ne ke amsa tambayar nawa. Yakan nuna abu iri biyu. Akwai gudu na yanzu, mai alamar `Mbps` ko `KB/s`, wanda ke faɗin abin da ke wucewa a wannan daƙiƙa kawai. Akwai kuma jimla, mai alamar `Total` ko `Bytes`, wadda ke taruwa kamar mitar lantarki. Jimla ake bukata. In an rubuta ta da dogon adadi, a raba shi da 1,000,000,000 a sami giga. A haɗa abin da na'ura ta sauko da shi da abin da ta aika, domin kamfani duka biyun yake cirewa. Kyamarar tsaro da wayar da ke kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet sun fi ci ta wajen aikawa.

Karatu ɗaya ba ya isa. Yadda ake yi wa mita, haka za a yi: a karanta yau, a karanta bayan kwana uku a daidai wannan lokaci, a debe na farko daga na biyu. A rautoci da yawa jimlar takan koma sifiri idan wuta ta ɗauke. Alamar haka ita ce karatu na biyu ya gaza na farko, ko littafin aukuwa ya nuna rauta ta tashi a tsakani. Maganinsa a sa wa rautar ƙaramin batir, ko a riƙa ɗaukar karatu safe da yamma ana tarawa.

Misali daga gida mai ɗaki shida

A ɗauka wani gida ne a Masaka mai 'yan haya shida, suna sayen giga 120 a wata, amma tana ƙarewa a kwana 18. Watau suna cin kusan giga 6.7 a rana. Kowa yana zargin ɗalibin ɗaki na biyar, domin kwamfutarsa kullum a kunne take. Mai kula ya yi rajista, ya sami na'urori bakwai: wayoyi huɗu, kwamfutar ɗalibi, talabijin ɗin ɗaki na biyu, da wata da babu mai ita. Ya ɗauki karatu ran Litinin da ƙarfe 8 na dare, ya sake ɗauka ran Alhamis a lokacin. Bayan debewa ya sami haka:

Talabijin, giga 11.4
Kwamfutar ɗalibi, giga 3.2
Wayoyi huɗu, giga 1.6 da 1.3 da 0.9 da 0.7
Baƙuwar na'ura, giga 0.9

Jimla giga 20 ke nan. Ya duba ragowar data a wajen kamfani, ya ga abin da aka cire ya yi kusa da haka, sai ya tabbata babu wata babbar kafa da ta ɓuya masa. Ɗan bambanci ba abin damuwa ba ne, domin wasu na'urori suna lissafa giga da 1,073,741,824, wanda ya ɗara na farko da kusan kashi 7 cikin ɗari.

Talabijin ya ci kashi 57 cikin ɗari, watau giga 3.8 a rana. Amma wannan bai nuna mai shi yana kwana yana kallo ba. Fim mai tsananin kyan hoto yakan ci har giga 3 a sa'a, mai matsakaicin hoto kuwa kusan giga 1. Ashe kallon sa'a ɗaya da kwata ne kawai a kowane dare. Da aka rage kyan hoton zuwa matsakaici, cin talabijin ya sauka zuwa kusan giga 1.3 a rana, na gida duka ya koma kusan 4.1, kuma giga 120 za ta kai kwana 29. Baƙuwar na'ura kuwa, littafin aukuwa ya nuna tana hawa ne bayan sha biyun dare, kuma lambarta ba ta dace da wayar kowa ba, sai aka canza kalmar sirri. Ɗalibi ya fita daga zargi.

Iyakar abin da rauta ke nunawa

Ƙananan rautoci da yawa masu amfani da layin waya suna nuna jerin na'urori da jimlar gida kawai, ba sa rabewa. A irin wannan hali sai a koma ga na'urorin kansu: wayoyin Andiroid da kwamfutoci masu Windos suna da wurin `Data usage` inda suke nuna abin da suka ci. Wadda ba ta nunawa, kamar talabijin, a cire ta daga rauta kwana biyu a ga yadda jimlar gida ta sauka.

Har ila yau, idan wani ya sa na'urar ƙara nisan zango, ko yana raba intanet daga kwamfutarsa zuwa wasu, duk cinsu zai iya taruwa a layi ɗaya. Kuma rauta na'ura take nunawa, ba ta nuna hannun da ke riƙe da ita. Mai yiwuwa yara ne, ko kuma na'urar ce ke sabunta kanta babu wanda ya sani. Don haka a kai wa mutum alƙaluman cikin mutunci, a tambaye shi kafin a yanke hukunci.

Daga ƙarshe, mai kula da rauta amana aka ba shi. Tun da Nijeriya ta kafa Dokar Kare Bayanan Jama'a a 2023, an ƙara jaddada cewa bayanin mutum haƙƙinsa ne. A sanar da dukkan 'yan haya kafin a fara awo, a tsaya ga yawan data, kada a shiga bin diddigin shafukan da wani ke ziyarta. Idan kuma lissafin rauta da na kamfani sun yi nisa da juna ƙwarai, a fara kai kuka ga kamfanin; in ba a sami biyan bukata ba, a kira lambar 622 ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, kyauta ne.