Yadda ake neman kuɗin ƙarin aiki ba tare da an ɓata ba

Mu ɗauki mai zane a kwamfuta da ke cin gashin kansa a Kano. Wani mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya ba shi aikin tambari da allon shago, suka daidaita a kan naira dubu 60, gyara sau biyu, aka ba da rabi kafin alƙalami. Ana cikin aiki sai saƙon murya ya shigo: a ɗan haɗa da katin shago. Ya yi. Washegari zanen leda, sannan hoton tallan sallah. Kunya ta hana shi magana, kuɗi kuwa na nan yadda suke.

Kafin ya taɓa waya, sai ya raba gyara da sabon aiki. Sauya launin tambari ko ƙara girman rubutu gyara ne, yana cikin ciniki muddin bai wuce sau biyun ba. Duk abin da zai sa a buɗe sabon shafi a fara daga farko, kamar leda, sabon aiki ne mai kuɗinsa daban. Da wannan zai rubuta:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Kamar yadda muka yi, aikinmu tambari ne da allon shago a kan dubu 60, kuma suna gab da kammala. Katin shago na riga na yi, wannan kyauta ce daga gare ni. Zanen leda da hoton sallah ba sa cikin wancan ciniki: leda dubu 15, hoto dubu 10, kuma za su ƙara kwana uku. Idan ka amince, a turo rabi in fara. In kuwa a tsaya a kan na farko ne, ranar Alhamis zan miƙa, in sha Allahu."

A lura da katin. Tunda an yi shi ba a faɗi farashi ba, neman kuɗinsa yanzu rigima kawai zai jawo, don Alhaji zai ce ai ba a gaya masa ba, kuma da gaskiyarsa. Gara a yafe, amma a ambata, domin ya san abin yana da kuɗi. Saƙon kuma bai yi ƙorafi ba, bai ce "in ba damuwa" ba. Ya ba da zaɓi biyu, kowanne da ranarsa.

Amsar da aka fi samu ita ce, "Haba, kai fa ɗan gida ne, yi kawai za mu daidaita." A nan yawanci ake faɗawa rami. A yi ragi in ana so, amma adadi ya fito a rubuce kafin a ɗora hannu. Ko a waya aka ƙarasa magana, a bi ta da gajeren saƙo mai ɗauke da farashi da rana. Kafin cikon kuɗi ya shigo kuwa, samfuri mai ɗauke da shaidar mai zane kaɗai za a tura, ainihin zanen da za a kai wurin bugawa ya dakata.