Rijiyar burtsatse ko injin niƙa? Yadda teburin maki ke raba gardama

A ce ƙungiyar unguwa tana da kuɗin aiki ɗaya tak: rijiyar burtsatse ko injin niƙa. Kafin a ba kowanne maki, sai a fara amincewa da ma'aunai da nauyinsu. Amfanin jama'a nauyinsa 5, arahar aiki 3, sauƙin gyara 2.

Daga nan a ba kowane aiki maki daga 1 zuwa 5, a ninka da nauyin, a tara. Rijiya ta samu 5, 2, 3, jimilla 37. Inji ya samu 3, 4, 3, jimilla 33.

Amma fa a kula: in aka musanya nauyin amfani da na araha, inji ne zai yi nasara da 35, rijiya 31. Shi ya sa mai son zuciya yake so a gyara nauyi bayan ya ga sakamako. Kada ku yarda.