Yadda Ake Lissafin Ƙarfin Amfilifaya

Kafin ƙaramar muryar makirfo ta shiga tiransista, sai an tsayar da ita kan wutar da ba ta canzawa, a ce miliamfiya 1 a kalekta. A wannan matsayi injiniya yakan ɗauki tiransistar tamkar rezista a emita: ya raba milibolt 25 da miliamfiya 1, ya sami om 25. Idan rezistar kalekta om 5,000 ce, a raba ta da 25, sigina zai ninku sau 200, amma a kife. Sai dai fa lissafin na ƙaramin sigina ne. Da ya haura kamar milibolt 10, sauti ya fara shaƙewa.