Tiren shawa a lebur yake zama, gangaren na bututu ne

Wanda ya daɗe yana shimfiɗa daɓen banɗaki a garuruwanmu ya saba da abu ɗaya, wato ya karkata ƙasa zuwa wajen magudana don ruwa ya bi. Wannan daidai ne a daɓen siminti ko na tayil. Matsalar tana farawa ne ranar da mai gida ya sayo tiren shawa, farin farantin nan da ake tsayawa a kai a yi wanka, magini kuma ya ɗauko tsohuwar dabararsa ya ɗan ɗaga gefe ɗaya "don ruwa ya tafi". Daga nan aikin ya fara lalacewa, ko da kuwa ba za a gane ba sai bayan watanni.

Tun daga masana'anta aka zuba wa tiren gangarensa. Cikinsa yana sauka a hankali zuwa ramin fitar ruwa, amma bakinsa na sama, duka ɓangarori huɗu, an yi shi ne ya zauna lebur. Gangaren cikin kaɗan ne, musamman a tire marar zurfi, don haka karkatar da ba ta wuce kaurin ɗan yatsa ba tana iya cinye shi a wani lungu, ruwa ya kwanta can bayan kowane wanka. Ko da wajen ramin aka karkata shi, ba a tsira ba. Ƙofar gilashi ba za ta zauna daidai ba, sannan tsakanin tayil da bakin tire za a sami rata mai siriri a wani gefe, mai faɗi a ɗayan, irin wadda silikon ba ya iya rufewa da kyau.

Inda ake buƙatar lissafin gangare shi ne ƙarƙashi, a bututun da ke ɗauke ruwan. A ɗauka tire ne mai santimita 90 a kowane gefe, a banɗakin bene, kuma daga raminsa zuwa inda bututu zai fita bango akwai mita 2. Bututun shawa yawanci mai faɗin milimita 40 ne, gangaren da aka fi amfani da shi kuwa 1 cikin 40, wato ya sauka santimita 2 da rabi a kowace mita. Mita 2 ke nan na buƙatar saukar santimita 5. A ƙara da zurfin tarkon wari, kwanon nan da ake ɗaurawa a ƙarƙashin ramin, wanda ke riƙe ɗan ruwa kullum don kada warin sokawe ya dawo ɗaki. A ce tarkon da aka sayo ya ci santimita 9. Ashe ana buƙatar sarari kusan santimita 14 a ƙarƙashin tiren. A ɗakin ƙasa sai a fasa daɓe a yi wa bututu hanya. A bene kuwa ban yarda a sa kurfi a kankaren da ke ɗauke da rodi ba. Gara a gina ɗan dandamali a ɗora tiren a kai, ko da zai zama sai an taka mataki ɗaya an shiga.

Idan gangaren bututu ya yi kaɗan, gashi da kumfar sabulu suna taruwa, ruwa ya riƙa taruwa a ƙafar mai wanka. Idan ya yi tsanani kuma bututun ya yi tsawo, gudun ruwan yana iya zuƙe wanda ke cikin tarko. Alamarsa ita ce ƙarar guɗa-guɗa a ƙarshen wanka, wari ya biyo baya.

Kafin a kwaɓa komai, a gwada tiren a wurinsa a bushe, a ga ko raminsa ya hau kan tarko ba tare da an tanƙwara bututu da ƙarfi ba. Tire mai nauyi na garin dutse da aka haɗa da danƙo, kan kwaɓin siminti ake kwantar da shi, kashi 1 na siminti da kashi 5 na yashi, kaurin santimita 1 zuwa 2, sai dai in takardar da ta zo da shi ta ce wani abu dabam, to ita za a bi. A yayyafa wa ƙasan ruwa tukuna, domin busasshen daɓe a zafin bazara yana shanye ruwan kwaɓi nan da nan. Kuma a shimfiɗa kwaɓin ko'ina. Masu gaggawa sukan zuba curi biyar, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, su bar sauran wurin fanko. Irin wannan tiren shi ne wanda in ka ƙwanƙwasa za ka ji yana amsawa kamar ganga, kuma shi ne ke tsagewa wata rana a ƙarƙashin mutum mai jiki. Tiren roba marar nauyi kan zo da ƙafafu masu murɗawa, su ake juyawa ɗaya bayan ɗaya har kowace ta taka ƙasa sosai.

Ma'aunin lebur, mai ƙwayar iska a cikin ruwa, a bakin tire ake ɗora shi, ba a cikinsa ba. A auna gefe huɗu, sannan daga kusurwa zuwa kusurwa. A juya ma'aunin kai da gindi a sake dubawa, don in amsar ta bambanta, ma'aunin ne ke da laifi. Daga nan a bar shi awa 24 ba wanda ya taka. Washegari a ɗaure tarkon da robarsa, a sheƙa bokiti biyu na ruwa a lokaci ɗaya, a duba ko ya tafi duka, a kuma shafa busasshen tsumma a kowace mahaɗar bututu. Wannan ne lokaci na ƙarshe da gyara ba zai ci tayil ba.

Sauran gefe, inda yawancin yoyo yake fitowa. Tire ne ke fara zama, jikin bangon da aka shafe, sannan tayil ya sauko a kansa, kamar yadda kwanon rufi ke leƙowa kan bango. In aka fara manna tayil har ƙasa sannan aka jingina tire, duk ruwan da ya gangaro daga bango kai tsaye yake nufar ratar da ke tsakaninsu. Kafin tayil, a cika tsakanin tire da bango da silikon, in da hali a manna tef ɗin hana ruwa da zai kama bakin tire ya hau bango. Sai a fara layin tayil, a bar ratar milimita 3 zuwa 5 a saman bakin tiren. Kada a cika ratar da farin siminti. Tire yana ɗan motsi idan aka taka shi ko ruwan zafi ya zuba masa, siminti kuma ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, tsaga siririya kamar gashi, wadda ta isa ta kumbura fentin falon da ke ƙasa.

Silikon na banɗaki ake sawa, mai maganin fumfuna. Ba ya kama wuri mai danshi ko ƙura, abin da ya kamata mai aiki a lokacin hunturu ya kiyaye, don haka a goge ratar tas a bar ta ta bushe. Idan tiren na roba ne, a ɗora masa nauyi, kamar jarkoki biyu cike da ruwa, don ratar ta buɗe iyakar yadda za ta buɗe in mutum ya hau. A matsa silikon ya shige ciki sosai, a lailaye shi sau ɗaya, jarkokin kuma su kwana a wurin har ya ƙame.