Kujerar da ba kowa a kanta, amma ana biyan kuɗinta

Daga 1 ga Afrilu 2025 Microsoft ya ɗora kashi 5 cikin ɗari a kan kamfanonin da suka ɗauki alkawarin shekara a Microsoft 365 amma suke biya wata-wata. An yi ƙorafi, kuma da dalili. Sai dai wannan ƙarin ba shi ne ke cinye kuɗin ƙananan kamfanoni ba. Abin da ya fi shi ɓarna ya girme shi, ba a kuma cika kula da shi ba: a tsarin biyan manhaja kan kowace kujera, ƙara mutum yana aiki nan take, cire mutum kuwa sau da yawa ba ya rage ko sisi sai wa'adi ya cika. A ganina ba ƙarancin dabara ya jawo haka ba. Da gangan aka gina shi.

Ɓangaren ƙari ba shi da wata gardama. Idan kujera dala 12 ce a wata mai kwana 30, aka ɗauki sabon ma'aikaci saura kwana 12 watan ya ƙare, za a caji dala 4.80, wato kuɗin kwanakin da suka rage kawai. Kusan duk manyan masu sayar da manhaja haka suke yi. Bambancinsu shi ne lokacin karɓa: wani ya cire daga kati a ranar, wani ya tara har takardar biya ta gaba, shi ya sa akanta kan ga takardar wata ɗaya ta kumbura ba tare da farashi ya motsa ba.

Matsalar tana wurin ragi, kuma tushenta abu biyu ne da mutane ke ɗauka abu ɗaya: tsawon alkawari, da yadda ake biya. Kamfani yana iya biya kowane wata alhali ya ɗaure kansa na shekara. Mai kamfanin yana ganin kuɗi na fita wata-wata, sai ya ɗauka duk watan da ya ga dama zai rage. Ba haka ba ne. Kamar wanda ya kama hayar shago ta shekara ne, mai shagon ya yi masa sauƙi ya ce ya riƙa kawowa kashi-kashi. Ko ya kwashe kayansa a wata na huɗu, sauran bashi ne a wuyansa.

Microsoft ya tsaurara wannan a 2022 da tsarin New Commerce Experience, wanda dillalansa ke sayarwa a ƙarƙashinsa. Kwana bakwai ake ba mai saye bayan ya sayi kujeru ko ya sabunta, a cikinsu ne kawai zai iya rage adadi. Da sun wuce, adadin ya zauna har ƙarshen wa'adi. Wanda ke son 'yancin ragewa kowane wata zai ɗauki alkawarin wata, a biya ƙarin kashi 20 cikin ɗari.

A ɗauki misalin wani kamfanin lissafi mai kujeru 20, alkawarin shekara daga 1 ga Janairu, a ce kujera dala 120 a shekara, ko dala 12 a wata ga mai alkawarin wata. Ranar 1 ga Afrilu ya ɗauki ma'aikatan wucin-gadi shida don aikin wata uku. Mai kula da kwamfutocin ofis ya shiga, ya mayar da 20 zuwa 26, domin hanyar da ta fi sauri ke nan. Saura kwana 275 a shekarar, don haka kowace kujera ta tashi kusan dala 90.41, shida kuwa wajen dala 542. Ƙarshen Yuni mutanen suka tafi, aka rufe asusunsu, kowa ya ɗauka zance ya ƙare. Amma kujerun shida suna nan har Disamba. Da an buɗe musu rajista dabam ta wata-wata, dala 12 sau shida sau wata uku, dala 216 ke nan. An yi asarar kusan dala 326 a kan kujerun da ba mai zama. Idan kuma ba wanda ya tuna a cikin kwana bakwai na sabuntawa, Janairu za ta zo da kujeru 26, a sake ɗaure dala 720 na wata shekarar.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a danna ba mai wuya ba ne. Dala 120 a raba da 12, wata goma. Duk wanda ba a da tabbacin zai kai wata goma, kujerar wata-wata ta fi araha a kansa duk da tsadarta a ido. Idan an riga an shiga tsakiyar shekara, sai a gwada kuɗin kwanakin da suka rage da kuɗin watannin da zai yi. Abin da ke sassauta asarar shi ne kujera ba ta mutu da tafiyar mai ita ba, ana iya ba wa sabon ma'aikaci. Wannan yana amfanar kamfanin da ke maye gurbi, ba wanda ke raguwa ba.

Akwai wani tarko kuma: rufe asusun mutum dabam, sauke kujera dabam. A Google Workspace, ma'aikacin da aka dakatar da asusunsa ana ci gaba da cajinsa kamar mai aiki. A Flexible Plan sai an goge asusun kuɗin ke tsayawa, a Annual/Fixed-Term Plan kuwa ko an goge, adadin lasisin ba ya sauka sai lokacin sabuntawa. Hanyar ganewa ita ce a buɗe shafin biya a kwatanta lasisin da aka saya da waɗanda aka raba wa mutane. Tazarar da ke tsakani ita ce kuɗin da ke zuba a ƙasa.

Masu sayarwa suna da hujjarsu, ba zan ce babu ba. Rangwamen shekara farashin alkawari ne, wanda ya karɓi rangwame bai kamata ya nemi 'yancin da ya sayar ba. Dillali ma yana cikin haɗari, domin a tsarin Microsoft idan abokin ciniki ya gaza biya, shi ake bi. Na yarda. Amma Slack ya nuna ana iya yin wani abu dabam: idan aka cire mutum, ko ya daɗe bai taɓa manhajar ba, ana lissafa kwanakin da suka rage a ajiye wa kamfanin kuɗin a asusunsa. Ko nan ɗin ba tsabar kuɗi ake mayarwa ba, sai dai a cire daga biya na gaba. Duk da haka ya isa shaida cewa na'urar da ta iya ƙirga kwana wajen ƙari ta iya ƙirgawa wajen ragi. Abin da ke hana yawancinsu shi ne masu zuba jari suna auna kamfanin manhaja da kuɗin da yake da tabbacin samu duk shekara, kuma kujerar da ba a iya saukewa ita ce mafi tabbas.

Ga kamfanin da ke samun naira yana biyan dala, abin ya fi ciwo. Wanda ya ɗaure kansa a farkon 2023, lokacin da dala take ƙasa da naira 500 a farashin hukuma, yana biya wata-wata, ya ga kuɗin kujerunsa ya yi tsalle tun daga Yuni da aka saki naira, kuma zuwa Fabrairu 2024 dala ta haura naira 1,400. Daidai lokacin da yake rage ma'aikata don ya tsira ne kwantiragin ya hana shi rage kujerunsu. Shi ya sa raba kujeru gida biyu ya fi dacewa da irin wannan kamfani: ma'aikatan dindindin a alkawarin shekara, masu bautar ƙasa da 'yan kwantiragi da duk wanda ke lokacin gwaji a na wata, sannan a sa ranar sabuntawa a kalandar akanta da ta mai ɗaukar ma'aikata, mako biyu kafin ta zo.