Agogo Ya Makara, Ƙofa Ta Rufu: Yadda Saɓanin Lokaci Ke Rikita Manyan Kwamfutoci

Ka shigar da kalmar sirrinka daidai a manhajar biyan kuɗi, amma aka ce ba a yarda da kai ba. Ka sake dannawa, sai ƙofa ta buɗe kamar ba a yi komai ba. Yawancinmu kan ɗora laifin a kan netiwok. Amma wani lokaci abin da ya faru shi ne kwamfutoci biyu sun kasa daidaitawa a kan ƙarfe nawa ne.

Bayan kowace manhaja akwai manyan kwamfutoci da ake kira saba, kowace da agogonta. Agogon yana ƙirga lokaci ne da rawar da wani ɗan ƙaramin dutse mai suna kwaz yake yi idan lantarki ya ratsa shi. Ba a taɓa samun biyu masu rawa iri ɗaya sak, kuma zafi da sanyi suna canza saurinsu. Agogon da ke kuskuren kashi 40 cikin miliyan, wanda ba abin mamaki ba ne a kwamfuta, zai riƙa makara ko wuce gaba da kusan sakan uku da rabi kowace rana. A agogon bango wannan ba komai ba ne. A saba kuwa, ana tara shi ne kamar bashi.

Dalili shi ne tikitin shiga. Idan ka shiga manhaja, ba a tambayarka kalmar sirri a kowane taki. Saba ɗaya ce ke tantance ka, ta ba wayarka tikiti mai sa hannu, wanda ma'aikata ke kira tokin. A nau'in da ya fi yaɗuwa, wato JWT, tikitin na iya ɗaukar lokuta uku: `iat` lokacin da aka bayar, `nbf` lokacin da zai fara aiki, da `exp` lokacin da zai mutu. Saba ta farko da agogonta take rubuta su, amma wadda za ta duba tikitin da nata agogon take dubawa. Nan gizo ke saƙar.

Mu ɗauki misali. Wani kamfani yana da saba guda mai ba da tikiti, da wasu uku masu karɓar buƙatun jama'a bi da bi. An ba masu karɓar uzurin sakan 60, wato ko agogo ya saɓa da minti ɗaya za su kau da kai. Wata rana aka ƙara tsaurara katangar tsaro ta ɗaya daga cikin ukun, aka toshe ƙofar UDP mai lamba 123 ba da sani ba, alhali ta nan take tambayar lokaci. Ba abin da ya lalace ranar. Agogonta dai ya fara ja baya a hankali.

Kwana 17 ana zaman lafiya. A rana ta 18 makarar ta kai sakan 62. Mai ba da tikiti ta rubuta cewa tikitin Malam wane zai fara aiki da 10:15:05. Wayarsa ta miƙa shi nan take ga sabar da ta makara, wadda agogonta ke nuna 10:14:03. A wajenta wannan tamkar cakin banki ne mai ɗauke da kwanan watan gobe, don haka ta mayar da shi da lambar 401. Bayan sakan biyu tikitin ya shiga cikin uzuri, ko kuma buƙatar ta faɗa hannun ɗaya daga cikin sabobin biyu masu lafiya, sai komai ya tafi daidai. Shi ya sa matsalar ke kama da aikin aljanu: ɗaya cikin uku kawai take shafa, kuma sabon tikiti kaɗai. Sai dai kullum tazarar na ƙaruwa. Bayan mako guda, sakan biyun nan sun zama 26, ƙorafi ya yi yawa.

Da a ce agogon gaba ya yi, da akasin haka za a gani: tikiti mai ran minti biyar zai riƙa mutuwa kafin ajalinsa.

Injiniya ya buɗe kundin da kowace saba ke rubuta abin da ta yi, wanda ake kira log, sai ya ƙara rikicewa. Idan aka haɗa kundayen aka jera su bisa lokaci, za a ga an ƙi tikiti da 10:14:03, an kuma ƙirƙire shi da 10:15:05. An haifi ɗa kafin uwarsa. Wani zai fara zargin ɓarayin intanet sun ƙirƙiri tikitin jabu, ya ɓata yini yana bin sawun da babu. Alamomin gane gaskiya uku ne: kuskuren daga saba ɗaya yake fitowa, saƙonsa na maganar tikitin da bai fara aiki ba, tazarar kuma tana girma kullum. In kuwa tazarar awa ɗaya ce cif ba ta motsi, to ba agogo ne ya zame ba. Wata na'ura ce ke rubutu da lokacin Najeriya da Nijar, wanda ke gaban UTC da awa ɗaya, sauran kuma da UTC.

Maganin ya daɗe. Tun 1985 David Mills ya fitar da tsarin NTP. Saba kan aika tambaya ga wata mai ingantaccen lokaci, ta lura da sa'ar da tambayar ta fita da sa'ar da amsa ta dawo, ta cire jinkirin hanya, ta gano nawa agogonta ya kauce. A ƙololuwar tsarin akwai agogon atam da na tauraron GPS. A kan Linux, inda manhajar chrony ta yi fice, ana dubawa da:

```
chronyc tracking
chronyc sources -v
```

Na farko yana nuna nisan kaucewar. Na biyu yana nuna majiyoyin lokaci. A sabar misalinmu za a ga alamar `?` a gaban kowace majiya, da 0 a ƙarƙashin `Reach`, ma'ana ba wadda ta amsa. Da an buɗe ƙofar 123, amsa za ta fara shigowa.

Wajen gyara akwai taka-tsantsan. Ana iya tsallakar da agogo kai tsaye, ko a ɗan ƙara masa sauri ko a rage har ya daidaita. Tsallake, musamman zuwa baya, yana iya sa aikin da aka tsara ya gudana sau biyu, ko sabon rubutu ya zama kamar ya girmi tsoho. Don haka ake sa layin `makestep 1.0 3`, wanda ke ba chrony damar tsallake a gyara uku na farko kawai bayan ta tashi, idan kuskuren ya wuce sakan ɗaya. Daga nan sai lallaɓawa.

Akwai gyaran ganganci da ke jan hankali: a ƙara uzurin daga minti ɗaya zuwa goma. Ƙorafi zai tsaya, amma agogon na ci gaba da zamewa, kuma tikitin da aka sace ya sami ƙarin rai bayan ajalinsa. Abin da ya dace shi ne duk sabobin su sha daga majiyoyi iri ɗaya, uku ko huɗu, domin idan ɗaya ta yi ƙarya sauran su rinjaye ta. A rubuta kowane kundi da UTC. Sannan a sa ƙararrawa da za ta yi kuka idan agogo ya kauce da rabin sakan, ko majiyoyi suka daina amsawa.

Ko bayan haka, NTP a kan intanet yakan bar saɓanin da ya kai 'yan kaso cikin dubu na sakan, kuma saba kan yi abubuwa da yawa cikin wannan ɗan lokaci. Saboda haka ƙwararru ba sa dogara da agogo kaɗai wajen jera abin da ya faru. Sukan liƙa wa kowace buƙata lamba guda da za ta bi ta daga saba zuwa saba. Amma a misalinmu, ƙararrawar rabin sakan ce da ta raba gardama: da ta yi kuka cikin awa huɗu da toshe ƙofar, kwana 17 kafin mutum na farko ya ga an kore shi.